Auta da Injin Tsoho

Ƙanena kafinta ne, ni kuma tafinta ce a kotu. In ka ji yadda Inna take faɗin sana'arsa da yadda take faɗin tawa, sai ka rantse shi likita ne, ni kuma mai tallar ruwa. "Auta ai da hannunsa yake ci," haka take gaya wa baƙi. In aka tambaye ta babbar fa, sai ta ce, "Tana can tana maimaita maganar mutane."

Kishinsa nake yi, kuma kowa a gidanmu ya sani, har shi. Tun ranar da aka haife shi nake yi. Ni na goya shi har bayana ya ƙage, ni na wanke masa kashi, amma da ya fara tafiya wurin Inna ya nufa, aka yi ta tafi kamar ni ban taɓa taka ƙasa ba. Ni na zo ta ɗaya a aji, aka ce Allah ya ƙara basira. Shi ya zo na kusa da ƙarshe, ya dawo gida da wata 'yar kujera da ya haɗa da ɓaraguzan akwati, Inna ta zagaya da ita gida gida. Kujerar nan ƙafarta ɗaya ta fi sauran tsawo. Na faɗa, aka ce baƙin ciki nake yi.

Auta irin mutanen nan ne da Allah ya zuba wa farin jini ba tare da sun nema ba. Ba ya da yawan magana, murmushi kawai yake yi, haƙoransa a jere, sai ka ga tsofaffi suna sa masa albarka a kan abin da bai yi ba. Da ya bar makaranta, babanmu, Allah ya jiƙansa, ya kama hannunsa ya kai shi shagon wani kafinta da duk unguwa ke kira Tsoho. Mutumin nan masifaffe ne, ba almajirin sana'ar da yake shekara a wurinsa. Auta ya shiga yana saurayi, bai fito ba sai da furfura ta fara masa a gemu. Ya fara da shara da miƙa ƙusa, ya koma riƙe zarto, daga baya shi yake yanka, Tsoho yana zaune a kan benci yana faɗa. A shagon nan ya yi aure, daga nan ya aurar da 'yarsa ta fari. Gadon da nake kwana a kai shi ya yi mini, kuma haushin da nake ji shi ne har yau bai taɓa ko ƙara ba.

A ƙuryar shagon akwai injin goge katako. Ƙato ne, kore, an ɗaure shi da noti a cikin siminti. Ka tura masa katako mai kaushi ta nan, ya fito ta can sumul, ka shafa ba abin da zai soke ka. Aikin da mutum zai wuni yana yi da magogin hannu, kafin ka gama gaisawa da maƙwabci injin ya gama. Tsoho ba ya barin kowa ya taɓa shi sai Auta. Shi yake wasa wuƙaƙensa, shi yake zuba masa mai, daga ƙararsa yake gane in bel ya saki. Matar Auta ta taɓa ce mini in injin nan ya yi tari, mijinta ba ya cin abinci.

Tsoho yana da ɗa namiji ɗaya da 'yan mata. Ɗan ya yi karatu, yana aiki a wani gari, bai san kan guduma ba. Da ciwo ya kwantar da Tsoho, Auta ne yake ɗaga shi, shi yake kai shi asibiti, shi yake riƙe shagon. Wata rana da hantsi, Tsoho ya sa aka kawo shi shago don ya ji ƙanshin katako. A nan, in ji Auta, ya dafa injin ya ce, "Wannan na ba ka, halak malak. Ka kwance shi ka kai naka wurin duk ranar da ka ga dama." Ba kowa a wurin sai wani dattijo da yake yi musu fenti, wanda ake kira Mai Fenti. Auta bai kwance ba, don kunya. Ya bari sai bayan Tsoho ya rasu an share makoki, sannan ya kira mota da rana tsaka, maƙwabta suka taya shi ɗagawa, ya kai injin rumfar da ya gina a ƙofar gidan Inna.

Da ɗan Tsoho ya zo ya ga wurin injin fayau, bai tambayi kowa ba, ya wuce wurin 'yan sanda ya ce an yi musu sata.

Ranar da aka kama Auta, unguwa ta tashi. Mata suna kuka, maza suna cika ofishin 'yan sanda, kowa yana son ya tsaya masa beli. Ni da na san takardun da ake cikewa da ƙofar da ake bi, ni na yi zirga-zirgar har ƙafata ta kumbura, ni na samo masa lauya. Da ya fito, Inna ta yi wa mai shayin bakin titi godiya saboda ya raka su. Ni kuwa ta ce in ɗora ruwa Auta zai yi wanka.

Shari'ar ta faɗo ginin da nake aiki, a ɗakin da ke ƙasa. Da yake ƙanena ne, na gaya wa rajistara, aka ba wani abokin aikina fassarar, ni na koma bencin baya da 'yan kallo. Lauyan ya ja Auta gefe ya ce masa, "Wannan shari'ar laifi ce. Ba kai za ka nuna ba ka yi sata ba, su za su nuna ka yi. Ka riga ka gaya wa 'yan sanda kyauta aka ba ka, yana rubuce. Ka naɗe hannu ka zauna."

Gaskiya ya faɗa masa. A shari'ar laifi, hukuma ce take son ta ɗaure mutum, don haka nauyin kawo hujja a kanta yake tun daga farko har ƙarshe. Kuma ba ƙaramar hujja ba. Sai ta kai inda mai hankali ba zai ga sauran shakka mai ma'ana ba. Ko alƙali yana ganin mai yiwuwa ka yi, ko ma ya fi zaton ka yi, muddin akwai wannan shakkar, sakinka zai yi.

Mai gabatar da ƙara ya kira ɗan Tsoho da maƙwabta biyu. Lauyan Auta ya tashi ya tambayi ɗan Tsoho ko yana gari lokacin jinyar. Ya ce ba ya nan. Ko zai iya rantsuwa mahaifinsa bai taɓa cewa ya ba da injin ba? Ya ce ba zai iya ba. Maƙwabtan kuwa da bakinsu suka ce da rana aka ɗauka, su suka kama, Auta har ruwa ya saya musu. Auta bai buɗe baki ba, yana zaune hannu a ƙirji, yana murmushin nan nasa.

Alƙali ya ce sata sai da niyyar cin amana, kuma masu ƙara ba su kawar masa da shakkar cewa mutumin nan ya ɗauki injin ne yana ganin nasa ne ba. Ya sallame shi, ya ce a mayar masa da injin tunda a hannunsa aka karɓo. Sai ya ƙara wata magana, wadda abokin aikina ya fassara daidai, na ji da kunnena: wannan kotu ba ta yanke hukunci a kan ko injin na wane ne ba. Amma a lokacin an riga an fara hamdala da rungume-rungume, masinja yana ta buga tebur. Ina jin ni kaɗai na ji.

Auta ya sa takardar sallamar a gilas, ya yi mata firam da hannunsa, mai kyau kuwa, ya rataye a rumfa saman injin. Aiki ya ninku. Mutane suna zuwa ba don kujera ba, don su ji labari. Mutumin da ba ya magana sai ga shi ya zama malamin shari'a. "Kotu ba wuya," in ji shi, yana tura katako. "Ka yi shiru kawai, ka bar su su gaji." Masu sauraro suna gyaɗa kai. Ni da na tsufa a kotu, ba wanda ya taɓa tsayar da ni a unguwar nan ya tambaye ni ko ƙarfe nawa ake buɗe ta. Ina wucewa ina jinsu, zuciyata tana tafasa.

Ba a daɗe ba sammaci ya sake zuwa. Matar Auta ce ta kawo mini shi a ɓoye cikin mayafi. Na zauna na karanta. Ɗan Tsoho ya samu lauya mai wayo. Kalmar sata ba ta fito ko sau ɗaya ba. Abin da ya ce kawai, injin na mahaifinsa ne, shi kotu ta ba ikon tattara gadon a madadin magada, injin yana hannun wane, an nema ya hana, a sa shi ya mayar. Ƙarar neman haƙƙi ce, ba ta laifi ba.

Da na tashi daga aiki na wuce rumfar. Inna tana zaune a kan kujerar da ya yi mata, tana kallonsa yana aiki, kamar yadda ta saba. Na jira ya kashe injin.

"Auta, ka koma wurin lauya gobe."

"In yi masa me, Yaya? Ai na ga yadda ake yi."

"Ba ka gani ba. Waccan daban, wannan daban. A waccan ɗaure ka ake so a yi, shi ya sa aka ce sai sun kawo hujjar da ba shakka. A wannan ba mai ɗaure ka. Mutum biyu ne suke jan abu ɗaya, alƙali zai ɗora maganarku a sikeli, wanda tasa ta rinjaya ko da kaɗan ne, shi ya ci."

Ya nuna firam da haɓa. "Kotu ta wanke ni."

"Ta ce ba a tabbatar ka yi sata ba. Ba ta ce injin naka ne ba."

"To shi ya kawo ƙara, shi zai kawo hujja. Haka lauya ya ce."

"Zai kawo, kuma tasa ba wuya. Injin na Tsoho ne tun asali, ko ba haka ba?"

"Wa ya musa?"

"Ka gani. Ka riga ka ɗauke masa rabin kayansa. Da zarar an yarda na Tsoho ne, kai ne kake cewa ya fita daga hannun Tsoho ya dawo naka. Wanda ya ce an ba shi kyauta, shi zai nuna an ba shi. Nauyin ya dawo kanka. Ka shiga akwatin shaida ka rantse ka faɗi yadda aka yi, ka kira Mai Fenti ya faɗi abin da ya ji. Ba a ce ka kawar da duk shakka ba, ka dai fi shi nauyi. Za ka iya ci, wallahi za ka iya."

Wannan ba wani ilimi mai zurfi ba ne. Duk shekara in an yi wa sababbin ma'aikatanmu jarrabawar ƙarin girma sai an yi tambayar, mutum an sallame shi a shari'ar laifi, shin za a iya cin sa a ƙarar haƙƙi a kan abu guda? Kuma duk shekara sai rabinsu sun rubuta a'a. In masu zama a kotu kullum suna faɗawa ramin, ina ga kafinta da unguwa ta gama fasa wa kai.

Auta ya karkaɗe garin katako daga gemunsa, ya yi murmushi. "Yaya ke nan. Tun ranar da aka sallame ni ban ga haƙorinki ba."

Inna ta karɓe. "Bar ta. Ita ai ba ta iya ganin abin alheri a wurinka ta yi shiru. Alƙali da kansa ya wanke yaro, ke mai maimaita magana kin fi alƙali sani?"

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba ƙarya suka yi mini ba. Ban ji daɗin firam ɗin nan ba, ban ji daɗin taron da yake tarawa ba. Amma maganata gaskiya ce, kuma ba yadda zan yi in tsame ta daga bakin da ta fito. Na ɗauki jakata na tafi, ina zagin kaina a hanya da na kula.

Duk da haka ban haƙura ba. Mai Fenti ya bar sana'a, ƙirji ya dame shi, ya koma wurin 'yarsa a can bayan gari inda mota ba ta kaiwa ƙofa. Ranar da ba aiki na je. Na same shi a zaure a kan tabarma, har yanzu akwai shuɗin fenti a gefen faratansa. Ban gaya masa abin da zai faɗa ba, na san aikina. Na dai tambaye shi ko yana wurin.

"Ina wurin mana, 'yata. Ina motsa fenti. Tsoho ya dafa injin ya ce ya ba shi. Har na ce masa, Tsoho, ɗanka fa? Ya ce ɗansa ko kunna shi bai iya ba." Ya yi tari mai tsawo. "Na yi ta jira a kira ni a waccan shari'ar, ba wanda ya zo."

"A waccan ba a bukace ka ba, Baba. A wannan kai ne komai."

Ya ce ko a kan jaki ne zai zo. Sannan ya shiga yabon Auta, yaro mai ladabi, yaro mai albarka, ni da na ci ƙurar hanya na zo ko sunana bai tambaya ba. Na zauna na sha yabon nan har ƙarshe.

Na aika matar Auta ta gaya masa. Ta dawo ta ce ya ce ba ya son a wahalar da dattijo. Na ce oho, ranar shari'a zan kawo shi, in ya gan shi da idonsa ai ba zai ƙi ba.

Wannan karon a ɗakin sama aka yi, mai fanka ɗaya da take juyawa kamar an tilasta mata. Alƙaliyar mace ce mai haƙuri, na daɗe ina yi mata fassara. Na sake janye kaina daga aikin. Na hau da Mai Fenti matakala yana hutawa a kowace kwana, na zaunar da shi a benci a baranda, inda shaidu suke jira, dab da ƙofa yadda za a gan shi daga ciki. 'Yan unguwa sun cika ɗakin, Inna a gaba da sabon mayafi. Auta ya zo ba lauya, da firam ɗinsa a hammata.

Ɗan Tsoho ya shiga akwati ya rantse. Ya ce injin na mahaifinsa ne, ya nuna takardar da ta ba shi ikon gadon, ya ce mahaifinsa bai taɓa gaya masa ya ba wa kowa ba, ya nema an hana shi. Maganarsa ba ta fi haka ba. Alƙaliya ta tambayi Auta ko yana da tambayar da zai yi masa. Auta ya naɗe hannu ya ce babu.

Da aka zo kansa, ya miƙa firam. Ta karanta a hankali, ta sa aka mayar masa. Ta yi masa bayani da kanta, abokin aikina yana fassarawa, kusan kalma da kalma abin da na gaya masa a rumfa. Ta ce wancan hukuncin ya tsare shi daga a sake tuhumarsa da satar, amma bai ba shi injin ba. Ta ce abin da mutum ya faɗa daga inda yake tsaye ba shaida ba ce sai ya shiga akwati ya rantse, an yi masa tambayoyi. Ta ce in yana so za ta ɗaga zaman ya nemo lauya.

"Ranki ya daɗe, ba na bukata."

"Ka yarda injin na marigayin ne tun farko?"

"Nasa ne. Ya ba ni."

"Za ka shiga ka rantse a kan haka?"

"Na tsaya a kan takardata."

"Kana da shaida?"

Ya waiwayo. Ya ga Mai Fenti a bakin ƙofa ya dogara sanda, har ya fara yunƙurin tashi. Ya gan ni tsaye a kansa, hannuna a kafaɗarsa. Na gyaɗa masa kai, na roƙe shi da ido, abin da ban taɓa yi ba tunda aka haife shi. Ya daɗe yana kallona. Murmushin nan babu shi. Sannan ya juya.

"Ba ni da shaida, ranki ya daɗe."

Ba ni da bakin magana a ɗakin nan. Ni ba mai ƙara ba ce, ba wadda ake ƙara ba, kuma ba a kiran shaida ga wanda ya ce ba ya so. Mai Fenti ya ɗago ya tambaye ni ko lokacinsa ya yi. Na ce ya zauna tukuna.

Ranar hukunci alƙaliya ba ta ja magana ba. Ta ce ɓangarorin biyu sun yarda injin na marigayi ne. Wanda ake ƙara ya ce kyauta ce, nauyin nuna hakan a kansa yake, bai kuwa ajiye komai a sikeli ba, ko rantsuwar kansa. Abin da mai ƙara ya kawo ba shi da yawa, amma ba abin da ya ture shi. A mayar da injin cikin gado. Daga baya Auta ya je wurin lauyan da kansa a kan ɗaukaka ƙara. Lauyan ya ce masa kotun sama ba ta cika karɓar shaidar da mutum yake da ita a bakin ƙofa ya ƙi kira ba.

Ma'aikatanmu ne suka zo ɗauka, mutanen da nake gaisawa da su kullum. Suka kasa kwance notin, Auta ya ɗaure shi tam. Auta ya shiga ciki ya ɗauko sifana ya kwance musu da kansa, ya cire bel ya naɗe, ya gaya wa direban kada ya bari ruwa ya taɓa wuƙaƙen. Unguwa ta sake fitowa, ana ta Allah ya isa. Inna ta zauna a ƙasa tana gaya wa mata cewa baki aka yi wa ɗanta, kuma bakin ba daga nesa ya zo ba. Ba ta kalle ni ba, matan ne suka kalle ni. Ya ci shari'a an taru a kansa, ya faɗi an fi taruwa. Na tsaya a gefe ina jin tausayinsa yana cin raina, kishin kuma yana nan daram bai matsa ba.

Na yi kwanaki ban bi ta layin ba. Ranar da na koma, da yamma ne, rumfar ba kowa sai shi. Wurin injin ya bar tabo a siminti. Ya ɗora wani dogon katako a kan benci yana bin sa da magogin hannu, gumi ya jiƙa masa riga, tafin hannunsa ya yi ƙulli ya fashe, ya ɗaure da tsumma. In ya tura, katakon sai ya zame.

Na yi niyyar in yi masa sannu in wuce. Bakina ya ƙi.

"Yana bakin ƙofa, Auta. Kalma ɗaya za ka faɗa."

Bai ɗago ba. "Na gan shi."

"To me ya hana ka?"

Ya tura magogin sau biyu kafin ya amsa. "Da wani ne ya kawo shi, da na kira shi."



"Ke kullum kin sani, Yaya. Tun ina yaro kin sani. Ke kika yi karatu, ke kike tsayawa kusa da alƙali ki yi magana a rubuta. Ni ko takardar da na rataye sai da aka karanta mini. Sau ɗaya na shiga wurin aikinki na fito da kaina a sama, kika biyo ni har nan kika ce ban ci ba." Ya share fuska da gefen hannu. "Da alƙaliya ta yi bayanin nan na gane ke ce da gaskiya. A gaban Inna, a gaban kowa. Na kasa."

Ashe shi ma. Duk tsawon rayuwata ina kallon abin da aka ba shi, ban taɓa zaton akwai wani abu a hannuna da yake kallo ba. Ban ji daɗi ba, ko kaɗan. Haushi na ji, irin wanda yake sa hawaye, don injin nan nasa ne, na sani, Mai Fenti ya sani, ina jin alƙaliyar ma ta yi zato, kuma yana can a wani ɗaki a kulle yana jiran a sayar wa wanda bai san ƙararsa ba.

Ya sake turawa, katakon ya zame ya kusa faɗuwa.

"Riƙe mini can," in ji shi.

Na ajiye jakata a ƙasa, na kama ƙarshen katakon da hannu biyu, ya ci gaba da gogewa.